A Bar Taƙaita Lamba Sai Ƙarshe

'Yan'uwana ɗalibai, a ajinmu na Fiziks akwai wata ɗabi'a da na daɗe ina lura da ita. Da zarar mutum ya ga doguwar lamba kamar 47.53 sai ya ce ta cika wutsiya, ya mai da ita 48. Sau da yawa ba ta ɓaci. Amma akwai inda wannan ɗan taƙaitawa ke rushe amsa, ga misali.

A ce an ɗora akwati mai kilo 10 a kan katakon da aka jingina, gangarensa digiri 30, ma'aunin gogayya tsakaninsu kuma 0.56. Nauyin akwatin shi ne 10 × 9.8, wato 98 N. Rabinsa, 49 N, shi ke jan akwatin gangare. Ƙarfin da yake danne katakon da shi kuwa 98 × 0.8660 ne, wato 84.87 N. In an ninka wannan da 0.56 sai a sami gogayyar da ke riƙe shi, 47.53 N. Yanzu sai ɗebewa: 49 − 47.53 = 1.47 N. A raba da kilo 10, ƙaruwar gudunsa ta zama 0.147 m/s², kuma cikin daƙiƙa 5.2 zai zame mita 2.

To, wanda ya mai da 47.53 zuwa 48 fa? Abin da ya taɓa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Amma ɗebewarsa za ta ba shi 1 N maimakon 1.47 N, kusan sulusin amsar ya tafi, lokacinsa kuma ya koma daƙiƙa 6.3. Wanda ya mai da 0.8660 zuwa 0.9 nasa ya fi muni, don gogayyarsa za ta kai 49.39 N, ta wuce 49, sai ya rubuta wai akwatin ba zai motsa ba ko kaɗan.

Dalili kuwa shi ne, in lambobi biyu sun yi kusa da juna aka ɗebe ɗaya daga ɗaya, manyan alƙaluman gaba suna cinye juna, sai wutsiyar nan da aka raina ta zama ita ce amsar. A wajen ninkawa da rabawa kuskuren kashi 1 cikin 100 yakan tsaya kusan yadda yake. Shi ya sa ni da na hango irin wannan ɗebewa nakan riƙe muhimman alƙaluma huɗu a kowane mataki, ko in bar lambar cikin kalkuleta.

Sai a layin ƙarshe ake taƙaitawa. Tun da 0.56 da 9.8 alƙaluma bibbiyu gare su (sifirin gaban ɗigo ba a ƙirga shi), amsar ma biyu za ta ɗauka: 0.15 m/s². Kwafo 0.14725 daga kalkuleta fariya ce, domin ba wanda ya auna gogayyar katako har can.