A fara cire fansho, sannan a lissafa haraji

Jama'a, tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Janairun 2026, nake sake lissafin takardar albashina duk wata.

Ga misali. A ce albashinka ₦200,000 ne, ainihin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri sun kama ₦150,000. Fansho kashi 8 ne na wannan, wato ₦12,000. Saura ₦188,000, a shekara ₦2,256,000. Cire ₦800,000 da ba a biya wa haraji, ka ɗauki kashi 15 na ragowar, ka raba gida 12. Harajinka ₦18,200 ke nan, in babu wani rangwame.

In ka ga ₦20,000, to ba a fara cire fanshon ba. Ana cin ka ₦1,800 duk wata. Ka leƙa ofishin akanta.