Kafin Ka Liƙe Ambulan

A watan Nuwamba na 2023 shugaban makarantarmu ya sa ni in rubuta wa iyayen yara wasiƙar kira zuwa taro. Ina cikin sauri, sai na ɗauko wasiƙar shekarar da ta gabata na kwafe ta, shekara kaɗai na sāke. Na duba ta sau biyu, ban ga kuskure ba. Aka buga, aka raba wa yara su kai gida. Wasiƙar ta ce taro ran Asabar ne, 12 ga Nuwamba.

Ashe 12 ga Nuwamba ta 2022 ita ce Asabar, ta 2023 kuwa Lahadi ce. Waɗanda suka bi sunan ranar suka zo ran Asabar, 11 ga wata. Waɗanda suka bi lamba suka zo ran Lahadi bayan sujada, suka iske ƙofa a kulle. Wani dattijo da ya taho da keke daga ƙauye ya neme ni har gida, ya ce, "Malam, ashe kai ma kana bukatar mai jan biro?" Na ce, "Baba, ka gafarce ni." Ba ni da wata amsa.

Dalilin ba wuya. Shekara kwana 365 ce, wato mako 52 da kwana ɗaya. Saboda wannan kwana ɗaya, kowane kwanan wata yakan matsa gaba da rana ɗaya a shekara mai zuwa, in kuwa an ƙetare 29 ga Fabrairu sai ya matsa da biyu. Duk wanda ya kwafi tsohuwar wasiƙa da sunan rana a ciki, ya kwafi kuskure ke nan.

Tun daga ran nan ba na aika wasiƙa da zarar na gama ta. Nakan ajiye ta ta kwana, in ba hali ko sa'a ɗaya. Sa'an nan in karanta da murya, a hankali, yatsana yana bin kowace kalma. Idon marubuci yakan ga abin da ke zuciyarsa, ba abin da ke kan takarda ba, gama ya riga ya san maganar. Baki kuwa yakan yi tuntuɓe inda aka tsallake kalma. Wata rana ina nufin in ce ba za a karɓi kuɗi ran nan ba, hannuna ya bar "ba" ta fari. Ido ya wuce, amma da na furta "za a karɓi kuɗi ran nan ba", kunnena ya ƙi. Sai dai ka furta abin da ka gani daidai. In babu ƙugiya a kan harafi, kada ka sa ta da bakinka, in ba haka ba za ka ce "baƙi" alhali "baki" ka rubuta. A wasu lokatai nakan ba matata ta karanta mini. Ita ba ta san abin da nake nufi ba, don haka ba ta rufa mini asiri.

Amma ka lura, ya mai karatu, da na karanta wasiƙar taron nan da murya sau goma, da ba abin da zan ji. "Asabar, 12 ga Nuwamba" magana ce mai daɗin ji. Kunne bai san kalanda ba. Saboda haka nakan sāke bi, wannan karo ba karatu nake yi ba, gwadawa nake yi. In sa yatsa ɗaya kan kwanan wata, ɗaya kan kalandar bana, in ga rana da lamba sun yarda da juna. Sunan wata kuma nakan rubuta shi da kalma, gama 3/4 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amirka kuwa 4 ga Maris.

Haka nake yi da suna. Ba na dogara ga abin da muke kiran yaro a aji. Nakan buɗe rajista in bi harafi harafi, gama Iliya dabam, Iliyasu dabam, Musa Haruna kuma ba Haruna Musa ba ne. In wasiƙar shaida ce, sunan da ya saɓa wa na takardar haihuwa yana iya sa a mai da yaro gida daga ofis.

Na ƙarshe, duk inda wasiƙa ta ce "ga shi na haɗa da", nakan yi ɗigo da fensir a gefe. In ƙidaya ɗigo, in shimfiɗa takardun a kan tebur, in ƙidaya su. In ɗigo uku ne takarda biyu, ba a gama ba. In sun yi daidai, sai in share fensir, in duba ko na sa hannu, in gwada sunan da ke cikin gaisuwa da wanda ke bayan ambulan, musamman ran da na rubuta wasiƙa fiye da ɗaya. Sa'an nan in liƙe.