Wanda Ya Bar Gidan Haya, Sunansa Bai Bar Takarda Ba

Ya ku masu karatu, a wannan mako ina so in ja hankalin iyayen da 'ya'yansu ke karatu ko neman abinci a ƙasar Ingila zuwa ga wani al'amari da mutanenmu ke ɗauka ƙarami, alhali kuwa ya sha raba abokai, ya kuma jefa dattawa cikin bashin da ba su ci ba. Al'amarin shi ne na samari uku ko huɗu da suka haɗu suka kama gidan haya guda, sa'an nan ɗayansu ya tashi, wani ya maye gurbinsa, aka bar takardar yarjejeniya yadda take ba a canja suna ba.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne yadda dokar Ingila ke kallon mutanen da suka sa hannu a kan takardar haya guda. Su a tsakaninsu sun raba kuɗin, kowa ya san kasonsa. Amma galibin irin waɗannan takardu ba su san wannan rabo ba. Abin da suka sani shi ne kowane ɗaya daga cikin masu sa hannun yana ɗauke da kuɗin hayar baki ɗaya. Idan aka gaza biya, mai gida yana da ikon ya zaɓi wanda ya ga ya fi sauƙin kamawa, ya nemi dukan kuɗin a hannunsa, ko da kuwa mutumin ya daɗe da kwashe kayansa ya mayar da makulli. Sunan da ke kan takarda shi ke ɗauke da bashin, ba wanda ke kwana a ɗakin ba.

Na san wannan ne ta hanyar ɗan ƙanena, wanda ya kama gida mai ɗaki uku a Manchesta tare da abokansa biyu a watan Satumba na 2023. Hayar ta shekara guda ce, fam 1,200 kowane wata, watau fam 400 a kan kowannensu. Sun kuma ba da kuɗin ajiya fam 1,380, kowa ya kawo 460, domin dokar da aka yi a 2019 ta hana mai gida karɓar ajiyar da ta wuce hayar mako biyar a irin wannan gida. Ni ne na tsaya wa ɗan ƙanen nawa lamuni, na sa hannu ina sane da cewa takardar lamunin ta ɗora mini hayar gidan duka idan ta kama, ba kasonsa kaɗai ba.

A ƙarshen Fabrairu na 2024 ɗaya daga cikinsu ya sami aiki a wani gari. Yaron kirki ne, bai tafi ba sai da ya samo wani ɗalibi da zai karɓi ɗakinsa. Ɗan ƙanena ya kira ni yana murna, ya ce, “Baffa, ai magana ta ƙare. Sabon zai riƙa ba ni nasa kuɗin, ni kuma in haɗa in tura. Mai gidan ma ba sai ya sani ba.” Na ce masa, “Ɗana, zauna mu yi lissafi tukuna.”

Ga lissafin. Saura wata shida hayar ta ƙare, watau fam 7,200. In aka tafi yadda yake so, wanda ya tashi yana nan a ɗaure da wannan kuɗi, shi da mai lamuninsa, a kan gidan da ba ya ciki. Sabon shigowa kuwa ba shi da suna a ko'ina. In ya ga dama ya ɓace bayan wata guda, mai gida ba shi da abin da zai tambaye shi, fam 2,000 na ragowar wata biyar su dawo wuyan waɗanda ke kan takarda, daga nan su gangaro zuwa gare ni. Shi ma sabon bai tsira ba, domin ba shi da hakkin zama da zai nuna wa mai gida, kuɗin ajiyar da zai bayar kuma babu wata hukuma da ta san da shi. Har ila yau takardar ta hana saka wani a gidan ba da iznin mai gida ba, saboda haka duk sai su zama masu saɓa alkawari.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malamai. A fiƙihunmu ijara alkawari ne mai ɗaure ɓangarori biyu, ɗaya ba ya kwance shi shi kaɗai. A babin hawala kuma Malikawa sun shardanta yardar mai bin bashi kafin bashin ya tashi daga wuyan wani ya koma na wani. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. To, a wannan wuri dokar Turawa da abin da muka karanta a zaure sun haɗu: ba a sauke wa mutum nauyi sai da yardar mai hakki, kuma a rubuce.

Hanyar da suka bi ita ce wannan. Da fari su ukun suka rubuta wa dillalin mai gida wasiƙa guda, kowa ya sa hannu. Suka faɗi sunan mai tafiya da ranar tafiyarsa, da sunan mai shigowa, suka roƙi a canja sunan daga ranar 1 ga Maris. Roƙo ne, domin mai gida yana iya ƙi, musamman in ya ga sabon ba shi da ƙarfin biya. Don haka suka haɗa da shaidar kuɗin shigar sabon da sunan mai tsaya masa. Dillali kuma ya duba takardun izninsa na zama a ƙasar, domin dokar shige da fice ta 2014 ta wajabta wa masu gidaje a Ingila yin wannan bincike kafin su ba kowa haya.

Da mai gida ya yarda, sai aka ba su zaɓi tsakanin hanyoyi biyu. Ta fari ita ce a miƙa hayar: tsofaffin ukun su miƙa ta ga sababbin ukun, watau biyun da suka rage da mai shigowa, kuɗin haya da wa'adi su tsaya yadda suke. Wannan ba ya inganta da baki, sai da takarda ta musamman wadda ake sa wa hannu a gaban shaida. Ta biyu ita ce a warware tsohuwar yarjejeniya da yardar kowa, irin abin da malamai ke kira iƙala, a rubuta sabuwa fil. Ita wannan ta fi tsabta, amma tana ba mai gida ƙofar ƙara kuɗin haya, kuma dole a sake yi wa kuɗin ajiya rajista cikin kwana 30 da ɗaya daga cikin hukumomin da gwamnati ta amince su tsare shi. Samarin suka zaɓi ta fari, don ba su son a taɓa musu fam 1,200 ɗin nan.

A nan ne dillali ya ce ladan aikin fam 250 ne. Dokar 2019 da na ambata ta ƙayyade wannan lada a kan fam 50, sai fa in mai gida ya nuna cewa da gaske ya kashe fiye da haka. Ɗan ƙanena ya rubuta masa cikin ladabi ya nemi bayanin abin da aka kashe. Amsar da ta dawo ita ce su biya 50.

Kuɗin ajiya shi ne wurin da abokai suka fi ɓatawa. A hanyar miƙawa mai gida ba ya mayar wa mai tafiya komai, ajiyar tana nan har ƙarshen haya. Mai shigowa ne ke biyan mai tafiya kasonsa, sa'an nan a canja suna a wurin hukumar da ke tsare da kuɗin. Amma mai shigowa ya sani cewa ya gaji ɓarnar wanda ya gada. Saboda haka suka ɗauko takardar da ta bayyana halin gidan ranar da aka shiga, suka bi ɗakin da ita. Suka tarar dutsen guga ya ƙona kafet. Aka yi masa kuɗi fam 60, sabon ya biya 400 maimakon 460, aka rubuta, aka ɗauki hoto. Ba don haka ba, da a watan Agusta za a cire kuɗin daga aljihun wanda bai yi ƙunar ba.

Ta yaya mutum zai gane an yi canjin da gaske? Kada ya dogara da faɗar dillali cewa an rubuta a ofis. Wani lokaci abin da aka rubuta shi ne an yarda sabon ya zauna kawai, ba a mai da shi ɗan haya ba, tsohon kuma yana nan a ɗaure. Mai tafiya ya nemi abu uku a hannunsa: kwafin takardar da kowa ya sa wa hannu har da mai gida ko wakilinsa, da shaidar ajiya mai ɗauke da sababbin sunaye, da wasiƙar da ta ce an sallami mai lamuninsa daga ranar kaza. Ya kuma sani cewa sallamar ta abin da ke gaba ce, bashin da ya taru kafin ranar yana nan a kansa. Ni ma sai da dillali ya aiko mini takarda na sa hannu cewa lamunina ya ci gaba tare da sabon.

Akwai hatsari guda da ya kamata waɗanda suka rage su sani. Mai tafiya, in ya gaji da jira, yana iya cewa bari ya ba mai gida notis a kan kansa. A hayar da ke tafiya wata-wata ba tare da wa'adi ba, notis ɗin mutum ɗaya yana kashe hayar kowa da kowa. Alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya sun tabbatar da haka a 1991 cikin shari'ar wani mai suna Monk, wanda abokiyar zamansa ta ba ƙaramar hukumar Hammersmith da Fulham notis ba da saninsa ba, ya rasa gidan. Dokar 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoba 2025 kuwa ta tanadi soke haya mai wa'adi a yawancin gidajen 'yan kasuwa a Ingila, ta zama ta wata-wata. Ke nan wanda ya rage a gida kada ya yi sakaci da buƙatar mai tafiya, domin makullin kowa yana hannunsa.

Duk aikin nan mako uku ya ɗauke su, da fam 50. Uban da ɗansa ya kira shi ya ce abokin zamansa ya tashi, tambayar fari da zai yi masa ita ce, sunan wa ke kan takarda yau? Allah ya ba mu ikon cika alkawari, ya raba mu da hakkin mutane, amin.