Inshorar miliyan 12, ɓarnar miliyan 6, diyya miliyan 3.6

Mafi yawanmu a nan jihar Tawa inshorar da muka sani ita ce ta mota, wadda jandarma ke tambaya a kan hanya. Inshorar gobara ta gini ko ta shago kuwa, sai 'yan ƙalilan, kuma galibi banki ne ya tilasta musu kafin ya ba su bashi. Cikin 'yan ƙalilan ɗin ma, na lura akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukata: in dai ɓarnar da wuta ta yi ba ta kai adadin da aka rubuta a takarda ba, kamfani zai biya ta duka. Ba haka abin yake ba, kuma ranar da ake gane hakan rana ce mai ɗaci.

Lissafi nake koyarwa, shi ya sa takardu masu lambobi sukan biyo ta hannuna. Wani abokin aikina da ya yi ritaya ya buɗe makarantar kuɗi a Birnin Ƙonni, aji shida da ofis. Lokacin da ya gama gini ya yi mata inshorar gobara a kan sefa miliyan 12, abin da ya kashe ke nan, kuma duk shekara yana sabuntawa a kan wannan adadi ba tare da ya taɓa shi ba. Wata rana wayar lantarki ta yi tartsatsi, wuta ta cinye rufin aji biyu da ofis, bango ya tsage. Allah ya kiyaye, da dare ne, babu yaro ko ɗaya. Kamfani ya aiko mai ƙiyasi, ya auna, ya ce ɓarnar ta kai miliyan 6. Malam ya kwantar da hankalinsa, tunda shida rabin sha biyu ce. Da takarda ta zo sai ya ga miliyan 3 da dubu 600.

Abin da Malam bai kula ba shi ne, mai ƙiyasin bai tsaya ga inda ya ƙone ba. Ya zagaye makarantar gaba ɗaya, har azuzuwan da ko hayaƙi bai taɓa ba. Ya lissafa abin da za a kashe a sake gina ta a farashin ranar gobarar, ya samu miliyan 24, ya cire miliyan 4 na tsufan gini, saura miliyan 20. Kuɗin fili ba ya ciki, don ƙasa ba ta ƙonewa. To dukiyar miliyan 20 ce aka yi wa inshorar miliyan 12, wato kashi 60 cikin ɗari. Lissafin layi ɗaya ne:

diyya = ɓarna × adadin inshora ÷ ainihin darajar dukiya

Shida sau goma sha biyu, a raba da ashirin, ya ba da 3.6. Sauran miliyan 2 da dubu 400 ya koma wuyan Malam.

Da farko ya ɗauka zalunci ne na wannan kamfani, yana ta batun kai ƙara. Na ce masa, "Malam, ko wane kamfani ka je a ƙasar nan haka za a yi maka." Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, kuma kundin dokar inshora na wannan ƙungiya ya fara aiki a 1995. Sashe na 35 na kundin shi ne ya yi maganar. Ma'anarsa ita ce, idan ƙiyasi ya nuna darajar abu a ranar asara ta wuce adadin da aka yi inshora a kai, ana ɗaukar mai dukiyar shi ne ya tsaya wa kansa a kan rarar, don haka ya ɗauki rabonsa na ɓarnar daidai gwargwado, sai fa in an yi wata yarjejeniya daban. Tsallaken iyaka ma, a Sakkwato ko Kano, takardun inshorar gobara suna ɗauke da sharaɗi irin wannan.

Na daɗe ina juya abin, kuma a ganina lissafin kansa ba shi da laifi. A takardar Malam kuɗin shekara biyu ne cikin dubu na adadin inshora. A kan miliyan 12 yana biyan jika 24, ban da haraji. Maƙwabcinsa mai gini irin nasa da ya faɗi gaskiyar miliyan 20 zai biya jika 40. Gobara kuma ba kasafai take lashe gini ƙurmus ba, yawanci gefe take ci. In da za a biya su biyun miliyan 6 daidai wa daida, ai babu wanda zai ƙara faɗin cikakkiyar daraja, asusun da ake tarawa don kowa ya ƙafe. Inda nake ganin laifi shi ne wajen masu sayar da takardar. Shekara da shekaru suna karɓar kuɗin sabuntawa, ba wanda ya ce da shi, "Malam, siminti fa ya tashi, mu sake duba adadin nan." Jika 16 a shekara ce tsakaninsa da cikakkiyar diyya.

Abin lura shi ne Malam bai yi ƙarya ba. Ranar da ya sa hannu adadin daidai yake. Doka kuwa ranar gobara take dubawa. Tsakanin ranakun biyu farashin kwano da ƙarfe da katako da ladan magina sun hau, balle bayan rufe iyaka a 2019 da kuma takunkumin 2023, da suka taɓa Ƙonni kai tsaye. Ga masana'antar siminti nan kusa da mu a Malbaza, amma gini ba siminti kaɗai ba ne. Mai makarantar da ya ƙara aji biyu bai sanar da kamfani ba, shi ma ya faɗa ramin nan.

Ga iyayen yara 'yan kasuwa abin ya fi saurin juyawa. Mai ajiyar albasa a Galmi da ya yi inshora a farashin lokacin cira, bayan 'yan watanni buhu ya ninka kuɗi, ya zama rabin kayansa ne kawai ke cikin takarda. Haka mai shago a Illela ko Badagishiri da ya cika shi maƙil gab da Sallah.

Gane matsayinka ba ya buƙatar lauya. A ɗauko takarda a nemi adadin da aka rubuta wa gini, a kira magini ya faɗi abin da za a kashe a tayar da irinsa yau, a rage wani abu na tsufa, sannan a raba na farko da na biyu. In ya fito 0.6, to kowace jika goma ta ɓarna shida za a biya. A yi wannan ga kowane layi daban, domin gini da kayan ciki, irin su tebura da littattafai da kwamfutoci, kowanne da nasa adadin, kuma rarar wani layi ba ta cike giɓin wani sai in takarda ta faɗi haka. A kuma duba ɗan kason farko na asara da kamfani ba ya biya, don shi ma ana zare shi daga diyya.

Waccan ƙofa da sashe na 35 ya bari, ta wata yarjejeniya daban, ita ce abin tambaya kafin a sa hannu. Akwai takardun da adadinsu ke hawa da kansa duk shekara bisa ma'aunin farashin gini. Akwai waɗanda ke yafe ƙaramin giɓi. Akwai kuma wadda kamfani ke yarda ya biya ɓarna duka har zuwa wani adadi ba tare da wannan rabo ba, amma kuɗinta ya fi tsada a kan kowace dubu. Ko wacce aka zaɓa, sai an gan ta a rubuce cikin sharuɗɗan musamman na takardar, don mai ƙiyasi ba ya aiki da abin da dillali ya faɗa da baki.