Ƙananan rubutun da ke jikin zanen hauhawar farashi

Zanen alƙaluma guda ɗaya ba ya ɗauke da kalmomin da suka wuce ashirin ko talatin, amma sau da yawa yakan ci mini lokacin da ya fi na fassara labari mai shafi biyu. A cikin labari, idan kalma ta yi rauni, jimlar da ke biye da ita tana tallafa mata. A jikin zane kuwa kowace kalma ita kaɗai take tsaye a gefen layi, kuma da zarar an ɗauki hoton an tura shi a waya, ya rabu da labarin da aka yi shi dominsa ke nan. Abin da aka rubuta a jikinsa shi ne iyakar abin da mai kallo zai samu.

Zan ɗauki zane ɗaya da kusan kowane ɗakin labarai a Najeriya yake sake yi wata-wata, wato na hauhawar farashin kaya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take fitar da alƙalumansa. Watanni ne jere a ƙasa, lambobi a tsaye ta gefen hagu, sai layi yana hawa yana sauka a tsakaninsu. A 2024 layin ya kai 34.19 a watan Yuni, ya sauko 33.40 a Yuli, ya ƙara saukowa 32.15 a Agusta.

A saman lambobin gefen hagu akan ga an rubuta “%, y/y”. Alamar % ba ta da wahala, domin kowa ya san “kashi kaza cikin ɗari”. Matsalarta tsawo ce kawai: alama ɗaya ta zama kalmomi uku, lambar kuma ta shige tsakiyarsu, don haka ba za a iya jera su a gefen layi ba tare da sun cinye rabin zanen ba. Ni ina barin alamar yadda take a jikin lambobin, in rubuta ta cikakkiya sau ɗaya a ƙarƙashin take. Haruffa biyun da ke biye da ita su ne suka fi nauyi, kuma su ne aka fi yarwa don neman wuri. Ma'anar y/y ita ce an gwada farashin wannan wata da na wata irinsa a bara. Saboda haka 34.19 na Yuni yana cewa kayan da aka saya a kan naira 1,000 a Yunin 2023 sun koma kimanin naira 1,342 a Yunin 2024, idan an haɗa kaya iri-iri an ɗauki matsakaicinsu. Shi kuma 32.15 na Agusta yana cewa abin da ake saya naira 1,000 a Agustan 2023 ya koma kimanin naira 1,322 bayan shekara guda.

To, a ce mai fassara ya jefar da y/y, ya sa wa zanen take “Farashin kaya a Najeriya”. Mai kallo zai ga layi ya karkato ƙasa a Yuli da Agusta, ya fahimci cewa kaya sun yi sauƙi. Alhali a waɗannan watanni biyu farashi bai daina hawa ba. Akwai wani ma'aunin da hukumar take bayarwa tare da wannan, mai alamar m/m, wanda ke gwada wata da watan da ya gabace shi, kuma shi ya nuna ƙari na sama da kashi 2 cikin ɗari a kowane ɗaya daga cikinsu. Abin da ya sauka shi ne saurin hawan, kamar motar da ta rage gudu amma tana nan tana cin hanya. Matar da ta dawo daga kasuwa ta ga wannan zane za ta ce ƙarya ake yi mata, kuma da gaskiyarta, sai dai laifin na take ne, alƙaluman ba su yi ƙarya ba. Abin da nake rubutawa a ƙarƙashin take shi ne: “Yawan ƙarin farashi idan an gwada da wata irinsa a bara, kashi cikin ɗari.” Ya yi tsawo, na sani. Mai tsara shafi yakan ɓata fuska idan ya gan shi. Gara in rage girman tambarin jarida da in rage masa kalma ɗaya.

Wani lokaci akan ɗora ƙaramar kibiya a kan layin, a rubuta “-1.25pp” tsakanin Yuli da Agusta. Wannan pp ɗin tazara ce tsakanin kashi biyu: an cire 32.15 daga 33.40, an sami 1.25. Idan aka fassara ta da “ya ragu da kashi 1.25 cikin ɗari”, an faɗi wani lissafi dabam, domin 1.25 a kan 33.40 ya kusa kashi 4 cikin ɗari na ita lambar. Wasu abokan aiki suna cewa “maki”, wasu “ɗigo”. “Ɗigo” ba ta kwanta mini ba, saboda da ita muke karanta lamba mai gutsure, mu ce talatin da uku da ɗigo huɗu, sai kalma ɗaya ta yi aiki biyu a wuri ɗaya. “Maki” ta fi, ko da yake tana kawo jarrabawa da ƙwallon ƙafa a zuciya. Idan da wuri, nakan kauce wa duka biyun, in rubuta “daga 33.40% zuwa 32.15%”, mai kallo ya ga tazarar da idonsa.

Sau da yawa layukan uku ne masu launi daban-daban, da ɗan akwati a gefe mai bayyana kowane launi: Headline, Food, Core. Na tsakiyar abinci ne, babu gardama. Ta farkon kuwa duk ɗan jarida ya saba da ita a matsayin kanun labari, kuma na taɓa ganin zanen da aka sa wa layin “kanun hauhawar farashi”. A nan tana nufin dukkan kaya a haɗe, ba a cire komai ba, don haka “dukkan kaya” ya wadatar. Ta ukun ita ce ba ta da kalma ɗaya da za ta ɗauke ta. Idan ka ce “ainihi” ko “tushe”, mai karatu zai zaci ita ce ta gaskiya, sauran biyun kwaikwayo. Abin da hukumar take nufi shi ne dukkan kaya bayan an cire amfanin gona da makamashi, saboda farashinsu yana yawan tsalle. Sai in rubuta abin da aka yi: “ban da amfanin gona da makamashi”. Ba a samun wannan fassara a ƙamus, sai an buɗe rahoton da zanen ya fito daga cikinsa an karanta yadda aka bayyana ma'aunin.

Watanni sun fi sauƙi, amma suna da tarkonsu. Haruffa uku-uku sun isa: Jan, Fab, Mar, Afr, May, Yun, Yul, Agu, Sat, Okt, Nuw, Dis. Tarkon yana cikin manhajar da ake zanen da ita. Tana gane sunayen watanni na Turanci a matsayin kwanan wata, ta jera su yadda suke biye da juna. Da ka goge su ka rubuta na Hausa, wasu manhajojin sai su ɗauke su kalmomi ne kawai, su jera su bisa haruffa, kowane wata ya ja lambarsa ya tafi da ita. Ana gane haka nan take: shekara ta fara da Afrilu, Agusta na biye da ita, sannan Disamba, layin da ya kamata ya tafi a hankali ya koma haƙoran zarto. Maganinsa a bar ginshiƙin kwanan wata yadda yake domin jeri, a ƙara wani ginshiƙin na sunayen Hausa wanda shi za a nuna a fuska. A daidai nan kuma ake duba ko salon rubutun da aka zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ da alamar ₦, domin wanda ba shi da su yakan bar ɗan akwati fanko a farkon “ƙari” ko “ɗari”.

Su kansu lambobin ba a fassara su, amma ba kowa ne ke karanta su iri ɗaya ba. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram da ya yi makarantar Faransanci ya saba da 34,19 da waƙafi, dubbai kuma a raba su da fili. Idan ya ga 1,342 zai iya karanta shi ɗaya da ’yan kai. Ba na sauya tsarin a tsakiyar zane, domin cakuɗa biyun ya fi kowanne muni. Ina tsayawa a kan na Najeriya tunda alƙaluman nata ne, kuma inda dubu ta zo ita kaɗai nakan rubuta ta da kalma, “naira dubu 70” maimakon jerin sifiri. Haka idan alamar $ ta shigo, “dalar Amurka” nake rubutawa cikakkiya, saboda a kasuwannin Nijar dala tana nufin sefa biyar.

Rubutu mafi ƙanƙanta a zanen yana can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, kuma a farkon 2025 shi ya fi kowane muhimmanci. A Disambar 2024 layin yana 34.80. A Janairun 2025 ya faɗo 24.48. Wanda ya kalli zanen zai ga gangara mai zurfi a cikin wata ɗaya, ya nemi abin da ya faru a kasuwa. Abin ya faru ne a ofishin ƙididdiga: hukumar ta sabunta kwandon kayan da take bibiya da nauyin da take ba kowanne, ta kuma matsar da shekarar da ake aunawa daga gare ta, daga 2009 zuwa 2024. Alamar hakan a zanen Turanci ba ta wuce kalma ɗaya ba, Rebased, ko ɗan rubutu kamar “2024=100”, wanda ke nufin an ɗauki farashin 2024 a matsayin ɗari, ana auna sauran da shi. Mai fassarar da ya bar wannan a Turanci, ko ya share shi don ya ga kamar ado ne, ya haɗa mudu biyu masu girma daban a layi ɗaya.

A irin wannan zane ba na barin bayanin a ƙasa. Ina yanke layin tsakanin Disamba da Janairu, in bar fili, in ja layin tsaye mai ɗigo-ɗigo a wurin, in rubuta a jikinsa: “An sauya ma'auni daga nan, kada a gwada ɓangarorin biyu kai tsaye.” Kibiyar da wasu suke ɗorawa mai nuna “-10.32pp” kuwa cire ta nake yi gaba ɗaya. Lissafinta daidai ne, 34.80 a cire 24.48, amma lambobin biyu ba da kwando ɗaya aka auno su ba, kuma duk kalmar Hausar da na sa mata, “maki” ko waninta, za ta tabbatar wa mai kallo da saukin da alƙaluman ba su nuna ba.