Naira Ɗari a Tafin Hannu

Ranar 8 ga Oktoba, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya gabatar wa Majalisar Tarayya kasafin kuɗin 2020, na naira tiriliyan 10.33. A lokacin ina aiki a wani gidan rediyo, aka ba ni minti uku in taƙaita jawabin da Hausa. Cikin gaggawa na ce an ƙara harajin sayen kaya da kashi 50 cikin ɗari. A lissafi ban yi ƙarya ba, domin daga kashi 5 zuwa 7.5 ƙarin rabi ne. Amma bayan isha'i sai ga kiran Kawu, mai ɗan shagon kayan masarufi.

"Ɗan nan, ashe abin naira dubu zai koma dubu da ɗari biyar? Gobe zan sauya farashi."

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, bakina ne ya yi tuntuɓe."

Na yi masa bayani da kuɗin da ya saba riƙewa. Kayan naira 10,000 da harajinsu yake 500, yanzu zai zama 750. Ƙarin 250 ne kacal. Kuma wanda cinikinsa na shekara bai kai miliyan 25 ba, wato wajen naira 68,000 a rana, ba a ɗora masa karɓar harajin daga masu saye. Ciniki ake nufi, ba riba ba. Sai dai zai ji shi a jikinsa wajen sari, tunda kamfani ya riga ya sa shi cikin farashi. Abinci na yau da kullum, irin su hatsi, ba ya cikin lissafin.

Na ƙara masa da cewa daga wannan haraji, a tsarin wancan lokacin, kashi 15 kawai Gwamnatin Tarayya take ɗauka, sauran 85 na jihohi ne da ƙananan hukumomi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe gwamna zan tambaya." Wannan jimla ce ya kamata in faɗa a rediyo.

Tun daga daren nan na daina karanta tiriliyoyi. Ina mai da kasafi naira ɗari, in raba. A na 2020, albashi da fansho sun ci tiriliyan 3.6, wato kusan naira 35. Biyan bashi ya ɗauki tiriliyan 2.45, kusan naira 24. Manyan ayyuka, irin su hanyoyi da lantarki da layin dogo, sun sami tiriliyan 2.46, su ma kusan naira 24. Abin da za a biya masu bin bashi ya yi kunnen doki da abin da za a gina wa ƙasa baki ɗaya. Mai sauraro ba ya bukatar sharhina bayan wannan.

Fifikon gwamnati ba a yawan ambato ake gane shi ba, sai an ajiye bana kusa da bara. Kason manyan ayyuka ya sauko daga tiriliyan 3.18 na 2019, ya ragu da fiye da biliyan 700. Albashi da fansho kuwa sun ƙaru da wajen biliyan 620, musamman saboda sabon mafi ƙarancin albashi na naira 30,000. Wanda ya ji sunayen hanyoyi ana jero su zai ɗauka shekarar gini ce. Alƙaluma sun nuna kuɗin sun karkata zuwa albashi.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba sam, alhali shi ne ginshiƙin. An gina kasafin a kan hasashen sayar da gangar mai dala 57, da haƙo ganga miliyan 2.18 a rana, da canjin dala a naira 305. Jawabi kuma ƙuduri ne, bai zama doka ba. Majalisa ta ɗaga jimlar zuwa tiriliyan 10.59, aka sa hannu a Disamba, sabon harajin bai fara aiki ba sai 1 ga Fabrairu, 2020. Da Kawu ya sauya farashi washegari, da ya kori masu sayensa kusan wata huɗu kafin lokaci, a kan adadin da babu shi. Da annobar korona ta zo, farashin mai ya faɗi, aka sake kasafin a kan dala 28.

Yanzu ba na fara taƙaitawa sai na sami amsar tambaya huɗu: nawa cikin ɗari, me ya sauya daga bara, wa zai biya kuma daga yaushe, sannan a kan wane hasashe aka dogara. In na gama rubutawa, Kawu nake fara kira in karanta masa. In ya tambaye ni abin da zai yi gobe a shago na kasa amsawa, sai in koma kan takarda.