Daga Taƙaitawa Zuwa Zurfi: Yadda Na Shiga Tarihin Fataucin Goro

Wanda ya shiga fagen ilimin da bai saba da shi ba, maƙalar da ta taƙaita fagen ita ce jagorarsa ta farko. Sai dai jagora a bakin ƙofa yake tsayawa, kuma ɗalibin da ya gina kundinsa a kan taƙaitawa kaɗai, tambaya ɗaya daga mai jarrabawa ta isa ta rusa ginin.

Adabi na karanta, amma nazarin labaran fatake ya tilasta mini sanin tarihin cinikin goro tsakanin Kano da Gwanja. Na fara da babobin da suka shafi ƙarni na 19 a cikin kundin tarihin Afirka na UNESCO, juzu'i na 6, wanda ya fito a 1989. Ban karanta su don haddace labari ba. Abu biyu na nema: sunayen masanan da ake yawan jingina magana gare su, da wuraren da aka wuce da jimla ɗaya alhali tambayata tana nan. Shekarar bugu ma na riƙe ta, domin duk binciken da ya biyo bayan 1989 ba ya ciki. Wannan sai a sharhin littattafai na mujallun ilimi.

Daga nan na ɗauki littafin Paul Lovejoy na 1980 kan ayarin goro. Ban fara daga babi na ɗaya ba. Gabatarwa da kammalawa na karanta, sannan na duba madogararsa, na ga ya dogara ƙwarai ga hira da tsofaffin fatake a ƙasar Kano. A nan bambancin ya fito. Taƙaitawa takan ce “fatake Hausawa” ta wuce. Shi kuwa ya rarrabe su: Agalawa da Tokarawa masu tushe a cikin Buzaye, da Kambarin Barebari masu danganta kansu da Barno. Tambayata ta sauya: yaya baƙi suka zama Hausawa ta hanyar fatauci?

Amma littafi ɗaya taga ɗaya ne. Wanda ya ji daga bakin fataken Kano, da idon mai saye yake kallon kasuwar Salaga. Saboda haka na haɗa da littafin Ivor Wilks na 1975 kan daular Asante, domin ita ke riƙe da Salaga har 1874, lokacin da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikonta a arewa ya raunana.

Ma'aunina shi ne: in na rufe littafi, zan iya faɗin da'awarsa a jimla ɗaya, da hujjar da ta tsaya a kanta, da wanda zai musa? In na kasa, ban tafi littafi na gaba ba tukuna. Gabatarwar nake komawa.